Mai saye ya ce wani ya fi ni araha: amsa ga wani mai sayar da taki a Maraɗi

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina sayar da takin zamani a nan Maraɗi, wannan ce daminata ta biyu a cikin sana'ar. Buhun yuriya mai kilo 50 ina sarinsa jika 17 da rabi, in sayar jika 20. Kusan kullum sai wani ya tsaya ya ce mini akwai inda ake ba shi irinsa jika 18 da rabi. In na ƙi ya tafi, in na bi shi kuma ban san ko riba na ci ko faɗuwa na yi ba. Me ya kamata in ce masa?

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin mu zo ga abin da za ka faɗa wa mai saye, akwai abin da ya kamata ka faɗa wa kanka tun da safe kafin ka buɗe ƙofar shago, wato adadin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba ko wa ya zo. Wanda bai san wannan adadi ba, duk mai bakin da ya tsaya a gabansa zai iya juya shi, domin yana ciniki ne da kuɗin sari kaɗai a cikin kansa, alhali kuwa kuɗin sari ba shi ne kuɗin da buhu ya tsaya maka ba.

Bari mu yi lissafin tare. Zan sa adadi na misali, kai kuma ka cire su ka sa naka na gaskiya daga littafinka. Ka sari buhu sefa 17,500. A ce kuɗin mota daga inda ka ɗauko zuwa bakin shagonka ya kama 600 a kan kowane buhu, ƴan dako kuma na lodi da na saukewa 150. Hayar shago da ta mangaza, da kuɗin mai gadi, da patanti, da abin da kake ba yaronka, idan ka tara su na wata guda ka raba da yawan buhunan da kake sayarwa a wata, a ce sun kama 350. Sai kuma abin da sababbin ƴan kasuwa suka fi mantawa da shi, wato asara: buhun da ƙugiya ta yaga, wanda ya sha laima a ƙasan jeri ya dunƙule, da wanda aka ɗauka bashi ba a biya ba. Ko da buhu ɗaya ne cikin ɗari yake tafiya haka, kusan sefa 200 ke nan a kan kowane buhu da ya rage. Idan ka haɗa duka za ka ga buhun ya tsaya maka 18,800. Ribarka ta gaskiya a jika 20 ita ce 1,200, ba 2,500 da kake gani ba, kuma duk ranar da ka sallama a jika 18 da rabi ka ba mai saye takinka ka ɗora masa sefa 300 daga uwar kuɗinka.

Akwai wani gefe na wannan lissafi da nake so ya zauna maka sosai. Idan mai saye ya ce ka rage masa dala ɗari kawai, a kunnensa da naka abin ƙarami ne, domin mene ne sefa 500 a cikin jika 20? Amma ragi ba daga jika 20 yake fita ba, daga 1,200 ɗin nan yake fita, ya bar maka 700. Buhu 100 a farashinka suna ba ka ribar jika 120. Idan ka saba rage dala ɗari, sai ka sayar da buhu 172 kafin ka sami wannan riba, da ƙarin jari da ƙarin wurin ajiya da ƙarin wahala. To ka tambayi kanka ko ragin dala ɗari zai kawo maka ƙarin masu saye har haka. A sanina da kasuwar taki, ba ya kawowa.

Yanzu ga mutum ya tsaya a gabanka ya faɗi maganarsa. Kuskure biyu ne ake yi a wannan lokaci, kuma duk saurin baki ke jawo su. Na farko shi ne ka ce masa ya je can ya saya, wanda kora ce ko da cikin murmushi ka faɗa. Na biyu shi ne ka ce to kawo jika 19, wanda ke nuna masa cewa farashinka na farko ba gaskiya ba ne, kuma idan ya ƙara matsawa akwai saura. Abin da ya dace shi ne kada ka ambaci wani adadi tukuna. Ka ba shi wurin zama, ka karɓi maganarsa da mutunci, sannan ka tambaye shi. Ga yadda ni nake yi:

"Madalla, Malam, in dai irinsa ne lalle ya yi araha. Yau ka gani, ko kwanakin baya? Wane rubutu ne a jikin buhun? An ɗora maka shi a kan sikeli? Kuɗi hannu ne ko zuwa kaka, kuma wa zai kai maka shi tasha?"

Ba a jere za ka watsa masa su kamar mai tuhuma ba, a cikin hira za ka saka su ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsu biyu ne. Suna nuna maka ko mutumin ya je can ɗin da gaske, domin wanda ya je zai gaya maka launin buhu da inda shagon yake ba tare da tunani ba, wanda kuwa tayi kawai yake yi zai ce ai wani ne ya gaya masa, ko ya ce can cikin kasuwa. Kada ka riƙe shi da laifi a kan haka, kuma kada ka kama shi da ƙarya a gaban mutane. Da rashin tayi akan bar araha, kuma manomin da ya sayar da akuyarsa don ya sayi buhu biyu yana da haƙƙin ya gwada ka. Irin wannan mai saye, da zarar ya ga ka tsaya a kan maganarka cikin natsuwa, galibi zai saya, domin tun farko so yake ya tabbatar ba a cuce shi ba. Amfani na biyu shi ne tambayoyin suna fitar da maganar daga kan adadi zuwa kan kaya, kuma a nan ne kake da abin faɗa.

Kalmar da ya kamata ka tsaya a kanta a cikin maganarsa ita ce "irinsa". A harkar taki buhu biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, su bambanta a abu uku: nauyi, abin da ke ciki, da sharaɗin da aka sayar da su.

Nauyi shi ne mafi sauƙin nunawa. Buhunka kilo 50 a jika 20, kowane kilo ya kama sefa 400. Idan wancan buhu na jika 18 da rabi an farke shi an ɗebi tiya biyu an sake ɗinkewa, ya koma kilo 45, to kilonsa ya kama sefa 411, wato mai arahar ya fi naka tsada. Amma ka yi gaskiya a lissafin, domin idan kilo 47 ne, kilonsa bai kai sefa 394 ba, har yanzu ya ɗan fi naka sauƙi. Iyakar tana wajen kilo 46 da kwata. Shi ya sa nake cewa duk mai sayar da taki ya mallaki sikeli mai kyau ya ajiye shi a bakin ƙofa inda kowa ke gani. Ka ce wa mai saye ya zaɓi buhun da ya ga dama da hannunsa, daga tsakiyar jeri ko daga ƙasa, a ɗora a gabansa. Ka nuna masa ɗinkin bakin buhu, zare ɗaya na inji a miƙe, babu tsofaffin hujojin allura a ƙarƙashinsa. Sannan ka ce masa, Malam, duk inda za ka saya, ko a nan ko a can, ka sa a auna maka ka kuma dubi ɗinki. Ka lura ba ka ce komai a kan maƙwabcinka ba, ka dai ba mutumin ma'aunin da zai tafi da shi.

Abin da ke cikin buhu ya fi wuyar gani, kuma nan ne asarar manomi ta fi girma, domin ba zai sani ba sai hatsi ya ƙi yin kore bayan kuɗi sun riga sun tafi. Yuriya ta gaskiya tana da kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitrojin, shi ya sa za ka ga an rubuta 46% N ko 46-0-0 a jikin buhu. Buhun kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo 23 na abin da shuka ke ci. Akwai wani farin taki, salfet na amoniya, wanda shi ma taki ne na gaskiya mai amfaninsa, amma kashi 21 kawai yake da shi, wato kilo 10 da rabi a buhu. Idan aka sayar wa mutum shi da sunan yuriya, ko aka gauraya su, to ragin jika ɗaya da rabi bai kai ko kusa da abin da ya rasa ba. Galibi ana iya bambanta su a tafin hannu, domin yuriya ƙwayoyi ne kewayayyu, shi kuwa salfet ya fi kama da sukari ko gishiri. Ka ajiye kofin gilas da ruwa a shago. Ka zuba cokali biyu na yuriyarka ka motsa, za ta narke gaba ɗaya ba ta bar komai a ƙasa ba, kuma kofin zai yi sanyi a hannu. Wadda aka yi wa algus da rairayi ko farar ƙasa za ta bar laka a gindin kofi. Sai dai ka san iyakar wannan gwaji. Yana kama rairayi, amma ba ya kama salfet, domin shi ma yana narkewa, kuma ba a yin sa ga NPK, takin nan mai haɗin sinadarai uku, wanda ko na gaskiya ne yakan bar saura a ruwa. Idan maganar ta NPK ce, lambobin jikin buhu za ka karanta masa, domin 15-15-15 da 20-10-10 ba abu ɗaya ba ne, ko da yake manoma da yawa suna kiransu da suna ɗaya, kuma sau da yawa arahar da aka ji labari ta ɗayan ce aka zo ana auna ta da farashin ɗayan.

Sharaɗin ciniki kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Idan kai kana kai wa mutum kayansa tasha da kurarka, kana musanya buhun da ya fashe, kana jiran wasu har su sayar da wake ko gyaɗa, wancan kuma kuɗi hannu yake karɓa a bakin mangaza ba ya sanin kowa bayan an fita, to farashin biyu ba na abu ɗaya ba ne. Ka faɗa masa haka a fili, da adadin abin da kai kaya tasha yake ci.

Ina so in ja kunnenka a kan abu biyu da bakin ɗan kasuwa ke saurin kaiwa gare su a irin wannan lokaci. Na farko shi ne cewa kayan wane jabu ne. Idan ba ka saya ka auna ka gwada da hannunka ba, ƙazafi ne, kuma ko ka gwada, faɗinsa a bakin shago ba zai amfane ka ba. Maraɗi gari ne da magana ba ta kwana, kafin la'asar ta isa kunnen mai shagon, wanda watakila gobe shi za ka nema ya ara maka buhu ashirin idan naka suka yanke. Ban da haka, mai saye da ya ji kana ɓata wani yakan ɗauka kishi ne, sai ya ƙara son zuwa ya gani. Ko karin maganar nan ta araha ba ta ado ban cika son a jefa wa mai saye ita ba, domin tana sa ya ji kamar an raina talaucinsa. Na biyu shi ne rantsuwa. Ya tabbata a hadisi cewa rantsuwa tana sa kaya su fita amma tana share albarka, kuma ko a idon kasuwa, wanda ke cewa wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba sau goma a yini, ranar da zai faɗi gaskiya ba wanda zai yarda. Sikeli da kofin ruwa sun ishe ka shaida.

To, a ce ka yi duk wannan, mutumin ya gamsu da kayanka, amma har yanzu yana son a taɓa masa wani abu. Ba na cewa kada ka yi ragi ko kaɗan, domin ciniki a wurinmu ba ya daɗi idan babu ɗan sassauci. Abin da nake cewa shi ne kada ragi ya fita shi kaɗai, sai da abin da ya shigo a madadinsa, kuma mai saye ya ji dalilin da kunnensa. Ga misali. Wani manomi daga Jiratawa ya zo yana son buhu 4, ya ce an ba shi a jika 18 da rabi. Ka ce masa, Baba, jika 18 da rabi ba za ta yiwu ba, albarka, domin ƙasa take da abin da ya tsaya mini. Amma in za ku haɗu da maƙwabtanka na fadama ku ɗauki buhu 10 lokaci guda, kuɗi hannu, ku zo da amalankenku, zan bar muku a jika 19 da rabi. A nan ribarka ta koma 700 a buhu, amma a kan buhu 10 jika 7 ce, ta fi 4,800 da za ka samu a kan buhu 4 a cikakken farashi, kuma ba ka biya kuɗin kai kaya ba, ba ka jira kowa ba. Mafi muhimmanci, farashinka na buhu ɗaya yana nan a jika 20. Duk wanda ya zo gobe ya ce ya ji ka sayar a 19 da rabi, kana da amsa mai tsabta: ya kawo sharaɗin da suka kawo, ya sami abin da suka samu.

Na san muhimmancin wannan ne ta hanya mai ɗaci. A shekarun farko na shigata sana'ar, wani dattijo ya matsa mini da irin wannan magana, na ji nauyinsa na rage masa jika guda a kan buhu ba tare da wani sharaɗi ba, na kuma roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ranar kasuwa ta gaba mutum shida suka zo daga ƙauyensu, kowa da wannan adadi a bakinsa. Wanda ya fi damuna shi ne na bakwai, mutumin da ya shekara biyu yana saye a wurina bai taɓa yi mini gardama ba, wanda ya ɗauki buhu uku kwana ɗaya kafin dattijon a cikakken farashi. Bai nemi in mayar masa da komai ba, ya dai tambaye ni ko laifinsa shi ne da bai iya jayayya ba. Na mayar masa da jika uku, amma ya daɗe kafin ya sake sakin jiki da ni. Ragin da aka yi saboda matsi yana hukunta mai sayen da ya yarda da kai, kuma shi ne wanda ya fi cancantar sassauci.

Idan kuwa sharaɗin bai yi masa ba, ka sallame shi da kyau. Ka ce masa, Malam, in ka auna ka ga cikakke ne kuma yuriya ce ta gaskiya, ka saya, ka yi sa'a, ni ba zan iya kai nan ba yau. In ka ga akasin haka, ƙofa a buɗe take, farashina kuma ba zai canza ba don ka je ka dawo. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai, domin mutane da yawa sukan je can su ga abin bai yi musu ba, amma kunya ta hana su dawowa, sai su wuce shago na uku. Ka cire masa wannan kunya tun kafin ya tafi.

Saura magana mafi nauyi, wadda masu ba da shawara suka cika tsallakewa: wani lokaci mai saye gaskiya ya faɗa, kayan iri ɗaya ne, nauyinsu cikakke, kuma wancan ya fi ka araha. Alamar da ni nake bi ita ce idan mutum uku daga ƙauyuka daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, suka faɗi adadi ɗaya da wuri ɗaya a cikin kwana biyu, to ba tayi ba ne, labarin kasuwa ne. A ranar ka aiki wanda ba a san shi da shagonka ba ya sayo buhu ɗaya, ka auna, ka gwada, ka kuma kira wanda kake sari a wurinsa ka tambayi farashin yau. Buhun nan ba asara ba ne, za ka sayar da shi.

Idan kayansa suka fito lafiya, sai ka nemi dalilin arahar, domin dalilin ne zai gaya maka abin yi. Watakila babban ɗan kasuwa ne da ke ɗaukar tirela guda ta tan 30, buhu 600 a tashi ɗaya, yana samun sarin da kai ba za ka samu ba. Da irin wannan ba a yin tseren farashi, domin kafin ya gaji kai ka ƙare. Abin da kake da shi wanda ba shi da shi shi ne sayar da tiya-tiya ga wanda bai iya sayen buhu, da sanin manomanka da sunansu, da kai musu kaya, kuma ba laifi ba ne ka je ka tambaye shi nawa zai sarar maka buhu 50, watakila ya fi inda kake ɗaukowa sauƙi. Watakila kuma wani ne da bashi ya taso wa, yana karya kaya don ya haɗa kuɗi. Wannan ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, haƙuri kawai yake buƙata, kuma kada ka rushe farashinka saboda buhu arba'in da za su ƙare jibi.

Amma akwai dalili na uku, wanda mu a Maraɗi muka fi kowa saninsa, wato canjin naira. Kaya da yawa da muke sayarwa ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa, an saye su da naira, mu kuma da sefa muke sayarwa. Sefa ɗaure take da yuro ba ta cika motsi ba, naira kuwa tana hawa tana sauka, kamar yadda kowa ya gani a watan Yunin 2023 lokacin da aka sake ta ta faɗi ƙwarai. Haka kuma rufe iyaka, irin wanda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, yana sa wanda ke da kaya a mangaza da wanda ya shigo da su bayan an buɗe su kasance da farashi biyu masu nisa. A ce bayan ka yi sarinka darajar naira ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, farashin can kuma bai riga ya tashi ya cike giɓin ba. Buhun da ka sara 17,500, maƙwabcinka zai same shi 15,750. Ka ɗora masa irin ɗawainiyarka ta 1,300, ya tsaya masa 17,050. Yana sayarwa jika 18 da rabi yana cin 1,450, fiye da ribarka a jika 20, ba tare da ya cuci kowa ba.

A irin wannan hali adadin nan na 18,800 da muka lissafa a farko ya daina aiki, domin kasuwa ba ta tambayar nawa ka saya, nawa za a iya sayowa yau take tambaya. A ce buhu 80 suka rage maka. Idan ka sayar da su a jika 18 da rabi, a littafi ka faɗi jika 24. Amma kuɗin da za su shigo hannunka sefa 1,480,000 ne, waɗanda a sabon farashi za su kawo maka buhu 86 har bakin shago. Ka fitar da 80 ka mayar da 86, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da riba a farashin da kasuwa ke kai. Idan kuwa ka kafe a jika 20 kana jiran kasuwa ta dawo, ka tuna taki kayan lokaci ne. Da zarar hatsi ya fitar da kai, masu neman yuriya na damina sun wuce, sai ka jira ƴan noman rani, alhali yuriya tana shan laima tana dunƙulewa a mangaza, hayar wuri tana tafiya, jarinka kuma yana kwance. Sharaɗi ɗaya ne a nan: kada ka sauke sai ka tabbatar da sabon farashin sari daga bakin wanda zai ba ka kaya, da adadin da zai iya ba ka, da ranar da za su iso, domin naira da ta faɗi yau farashin can yakan biyo ta cikin ƴan kwanaki.

Idan ka yanke shawarar saukewa, ka sauke wa kowa lokaci ɗaya, ka rubuta sabon farashi a allo a bakin ƙofa. Mutumin da ya fara kawo maka labarin, in ya dawo, ka gaya masa cewa ka bincika ka ga gaskiya ya faɗa. Waɗanda suka saya a tsohon farashi cikin kwana biyu ko uku da suka wuce, musamman masu zuwa kowace damina, ka duba sunayensu a littafi, ka kira su kafin su ji a bakin wani, ka ce musu bambancin yana nan a rubuce, za a cire musu shi a buhun da za su ɗauka na zubi na biyu.